Katakon da Odita Ya Zauna a Kai

Ban taɓa nadamar sayen jirgin ruwan nan ba, kuma ba yau da furfura ta cika mini kai zan fara ba. Abin da nake roƙon Allah gafara a kansa daban ne, shi kuma zan faɗa a nan, domin na gaji da jin yadda ake juya zancen a bakin kasuwa, wai magatakardan ƙungiya ya ci kuɗin rijiya. Ko anini ban ci ba. Laifina kalma ɗaya ce da na faɗa a gaban jama'a, da wata kalma ɗaya da na rubuta a takarda.

'Yan shekaru kafin Turawa su tafi, muna da wata ƙungiyar taimakon juna a Haɗeja. Fatake ne a ciki, da masu sayar da banda, da malamai biyu, da 'yan ma'aikatan En'e. Kowa na ba da sule ɗaya a wata. Da shi muke yi wa marar gata likkafani, mu gyara rufin tsohuwar da damina ta rushe wa ɗaki. Ni aka ba magatakarda saboda na gama elemantare, na ɗan taɓa midil kafin mahaifina ya rasu in dawo gida. Turancina bai kai yadda mutane suke zato ba, ni kuma ban taɓa gyara musu zaton ba.

Ma'ajinmu wani dattijo ne mai fataucin banda, aminin mahaifina, don haka Baba nake ce masa. Ba ya karatun boko, da ajami yake sa hannu. Abin da ya kamata a sani game da shi shi ne wannan: rabin masuntan fadama da Fulanin da ke sauka kusa da gari a wurinsa suke ajiye kuɗinsu. Mutum zai kawo kuɗin saniya a ƙulle cikin tsumma, ya tafi shekara biyu, ya dawo ya tarar da ƙullinsa ko zaren ba a kwance ba. Dukiyar Baba ba ta da yawa. Sunan nan shi ne jarinsa.

A ƙauyukan da ke tsakaninmu da Auyo kurkunu ya addabi mutane. Ruwan kududdufi suke sha, damina na faɗuwa sai ka ga majiya ƙarfi a kwance da kumburarriyar ƙafa, ana naɗe tsutsa a jikin tsinke, gona tana jira. Wani likita Bature da yake zagayawa ya ga haka, ya haɗa mu da wata ƙungiyar agaji ta Ingila. Bayan rubuce-rubuce suka yarda za su ba da kuɗin rijiyoyi goma sha biyu masu zoben siminti, rabi yanzu, rabi bayan an binciki yadda aka kashe na farko.

Ranar da takardarsu ta zo, zauren Baba ya cika har ƙofa. Na miƙe da takarda a hannu. Shafin farko na gane shi sarai: gaisuwa, adadin kuɗi, rijiyoyi. Shafi na biyu kuwa rubutu ne ƙanana mai lamba-lamba, da kalmomin da ban taɓa gamuwa da su a makaranta ba. Jama'a sun zuba mini ido. Wani ya ce, "To, Malam, rance ne ko mene ne?"

Na ce, "Kyauta ce."

Zaure ya ɗauki kabbara. Baba ya ce, "Ɗaya shafin fa, ɗan nan?"

Na ce, "Addu'o'i ne da fatan alheri irin nasu."

Aka yi dariya, aka shafa fatiha. Na naɗe takarda na sa a aljihu ina jin kaina wani babba.

Daga baya na zauna da ƙamus, na kuma riƙa tambayar akawun gidan waya kalma ɗaya-ɗaya ba tare da na nuna masa takardar ba. A hankali shafin ya buɗe mini. Sharuɗɗa ne. Kuɗin na rijiya ne kaɗai: siminti, ƙarfe, ladan mahaƙa, da ɗaukar kaya zuwa wurin aiki. A ajiye shi a littafin ajiya na gidan waya nasa na kansa, kada a gauraya shi da kuɗin karo-karonmu. Kowane biya da rasidinsa. In ana son a yi wani abu daban da shi, sai an rubuta musu sun amsa a rubuce kafin a taɓa. Abin da ya ragu kuma ba namu ba ne, yana nan a matsayin kuɗin rijiya har su ce ga yadda za a yi da shi.

Na buɗe littafin daban, na riƙa karɓar rasidi, na ce wa kwamiti haka Turawa suke son aiki. Amma ban koma zaure na ce musu kalmar da na faɗa ba daidai ba ce ba. Kunya ta hana ni. A wurinmu kyauta in ta bar hannun mai ita, ta bar shi ke nan. Wanda ya ba ka riga ba ya biyo ka ya ga ko sallar Juma'a ka je da ita ko gona. Haka kwamiti suka ɗauki kuɗin: an ba mu don rijiya, za mu yi rijiya, amma namu ne.

Da rani muka haƙa huɗu. Ƙasar fadama rairayi ce, kana haƙawa tana zubowa, sai an riƙa sauke zoben siminti ana bin shi. Mazubin zoben na ƙarfe ne, aro muka yi daga ma'aikatar ayyuka ta En'e. Muna shirin ta biyar ruwa ya sauko, aiki ya tsaya, kuɗin rijiya biyu yana kwance a gidan waya.

Daminar ta zo da ƙarfi. Kogi ya fita daga bakinsa ya shafe hanyoyi, ƙauyuka uku suka zama tsibiri. Tsohon jirgin da suke fito da shi ya tsage. Aka ɗora wata mace mai naƙuda a kan gora irin ta masunta za a ƙetarar da ita zuwa asibiti, ba ta kai ba. Washegari masu unguwannin suka zo zauren Baba da rigunansu jiƙe har ƙirji. Akwai wani masassaƙi da ya gama babban jirgin katako yana neman fam arba'in. A asusun karo-karo ba mu da ko fam shida.

Wani ɗan kwamiti ya ce, "Ga kuɗi can a gidan waya suna barci, ga mutane suna mutuwa. Ba kyauta aka ba mu ba?"

Baba ya juyo ya dube ni. "Magatakarda, akwai abin da ya hana?"

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Da na ce akwai, da an rubuta wasiƙa, ko a buga waya ta Kano, ko a bi attajirai gida-gida. Na dubi jiƙaƙƙun rigunan nan, na tuna kabbarar da aka yi mini, na ce, "Babu."

Aka sayi jirgi. Da na zo rubuta takardar biya, wadda muke kira bauca, na san in na sa jirgi za a gani. Sai na rubuta da Turanci: katako, don aikin rijiya. Masassaƙin ya dangwala yatsa. Na kai wa Baba, ya ce in karanta masa kamar kullum. Na ce, "Fam arba'in, kuɗin jirgi." Ya ce bismillahi, ya sa hannu.

Da kaka, ruwa bai gama janyewa ba, odita, wato mai binciken kuɗi, ya iso. Masu ba da kuɗin ne suka ɗauko shi daga wani ofishin lissafi a Kano. A jirgin ƙasa ya sauka Malam Madori, muka ɗauko shi a mota. Na zata Bature za a turo. Sai ga wani siririn mutumin Ilori da tabarau da hular dara, Hausa a bakinsa kamar ɗan cikin birni, don a Kano ya tashi. Baba na ganinsa ya ce, "Af, Bayarabe suka aiko ya ƙirga mu? To a ɓoye manja."

Odita ya ce, "Baba, manjanku nawa yake? Ni bandar nan da nake jin ƙanshinta za ku ɓoye."

Nan take suka saba. Ni kaɗai ne ban yi dariya ba.

Ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya fito da takardar sharuɗɗa irin tawa, ya ajiye ta a dama. Ba ya duba komai sai da ita a gefe. Ya fara da littafin gidan waya, ya gwada abin da aka fitar da abin da na rubuta a littafin kuɗi, suka yi daidai. Ya bi bauca ɗaya-ɗaya yana haɗa kowace da rasidinta, yana yi mata alama da koren alƙalami. Ya tambayi buhu nawa na siminti zobe ɗaya yake ci, ya lissafa zobban rijiya huɗu, ya tashi ya je rumbun da muke ajiya ya ƙirga buhunan da suka rage. Ya ce a kira masa shugaban mahaƙa, ya tambaye shi nawa aka biya shi, ba tare da ya nuna masa takarda ba. Duk suka fito. Da ya zo kan baucar katako sai ya ɗan tsaya, bai yi mata alama ba, ya zare ta ya sa cikin aljihun gaba. Ya ce gobe yana so ya ga rijiyoyin da idonsa.

Hanyar ƙauyukan har lokacin ruwa ce. Babu abin da zai kai mu sai jirgin.

Muka shiga da hantsi, ni da Baba da odita da mai tuƙi. Shinkafa ta nuna a gefe da gefe, mata suna cire bado, yara suna korar tsuntsaye. Odita ya riƙe gefen jirgi da hannu biyu, Baba yana ta tsokanarsa wai mutumin da ya fito daga ƙasar kogi yana tsoron ruwan da bai wuce wuya ba. Muka ga rijiya ta farko. Ya sa igiya ya auna zurfi, ya leƙa ya ƙirga zobe, ya duba dakalin bakinta da ke hana ruwan ƙafa komawa ciki, ya sa aka ja guga ya sha. Ya ce aiki ya yi kyau. Haka ta biyu.

Muna tsakiyar ruwa za mu ta uku ya ciro takardar daga aljihu.

"Magatakarda, shugaban mahaƙa ya ce mini mazubinku na ƙarfe ne, aro kuka yi. To katakon fam arba'in ɗin nan me aka yi da shi? Ban gan shi a rumbu ba, ban gan shi a bakin rijiya ba."

Kafin in haɗa wata ƙarya Baba ya fashe da dariya, ya bubbuga gefen jirgin da tafin hannu.

"Fam arba'in? Ai kana zaune a kai, Malam Odita! Ka ga irin katakon? Ko ɗigo ba ya sha."

Da alfahari ya faɗa. Odita ya dubi ƙarƙashinsa, ya dubi takarda, ya cire tabarau ya goge.

"Baba, wannan sa hannunka ne?"

"Nawa ne."

"Me aka ce maka an rubuta a ciki?"

"Kuɗin jirgi mana."

"An rubuta katako don aikin rijiya."

Mai tuƙi ya daina tura sanda. Jirgin ya tafi da kansa ya soki ciyawar burugu ya tsaya. Baba bai dube ni ba. Ya ce wa odita, "To ko ma me aka rubuta, kyautarmu ce, mun ga buƙata mun saya. Ina laifi?"

Odita ya ce, "Wa ya ce maka kyauta ce?"

Daga nan, a tsakiyar fadama, ya buɗe shafi na biyu ya karanta masa da Hausa, lamba bayan lamba, shafin da na ce addu'o'i ne. Baba ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce a hankali, "Wannan ai ajiya ce. Amana ce aka ba mu da sharaɗi." Sai a lokacin ya juyo gare ni. "Ɗan nan, shekara nawa kana ganin Bafulatani ya kawo mini kuɗi ya ce na ragon suna ne? Ko jakinsa ya mutu a ƙofar gidana, ka taɓa ganin na saya masa jaki da su ban tambaye shi ba? Da ka ce mini amana ce, da rigata zan sayar."

Na ce, "Baba, mutane suna mutuwa."

"Na sani. Ni ma ina wurin. Ba jirgin nake tambayarka ba. Hannuna nake tambayarka, da ka kama ka ɗora a kan abin da ban sani ba."

Muka ga sauran rijiyoyin muka dawo.

Da la'asar na sami odita a masaukinsa. Ban je da ladabi ba, da zafi na je. Na ce masa waɗanda suka rubuta sharuɗɗan nan ba su taɓa ganin kogin nan ya cika ba. Suna can suna tsara mana abin da muke buƙata da rani, ba su san da damina ba. Na ce rijiya don rai ake yin ta, jirgi ma don rai aka saye shi. Na ce kuma jirgin zai ɗauki simintin rijiyoyin da suka rage, ashe ya shiga cikin ɗaukar kaya ke nan.

Ya bar ni na gama. Ya ce, "Ranar da ya ɗauki siminti, ku biya shi ladan ɗauka kamar yadda ake biyan kowane jirgi, ku karɓi rasidi, zan sa hannu. Amma sayensa ba ya cikin takardar nan. Ni ba a aiko ni in auna ko jirgi abin kirki ba ne. Na hau shi, na san abin kirki ne. An aiko ni in faɗa ko an kashe kuɗi a inda masu shi suka ce. Mutanen da suka tara kuɗin nan an ce musu rijiya za a yi. Ba ni da ikon yafe ko sisi, su kaɗai ke da shi."

Na ce, "To me za ka rubuta?"

"Abu biyu. An kashe fam arba'in a wajen sharaɗi, sai an mayar da su asusun rijiya daga wani kuɗin naku, ko su masu shi su yarda a rubuce. Na biyu ya fi nauyi: bauca ta faɗi abin da ba shi aka saya ba, kuma ma'aji ya sa mata hannu."

"Cire sunan Baba."

"Ba zan cire ba. Ya sa hannu, gaskiya ce. Abin da zan iya, in kana da bayani, rubuta ka sa hannu, in liƙa a jikin rahoto, in kuma faɗi abin da na ji da kunnena a cikin jirgi."

Na rubuta a gabansa da gurgun Turancina. Bai gyara mini ko harafi ba. Da zai tafi ya ba kwamiti shawara cewa hanya mafi sauƙi ita ce a sayar da jirgin a mayar da kuɗin. Baba ya ce, "Malam Odita, ka ci bandarmu, ka sha ruwan rijiyarmu, mun gode. Kuɗinsu za mu mayar musu har kwabon ƙarshe. Jirgi kuwa yana nan."

Kafin rahoton ya iso magana ta riga ta zaga gari, don mai tuƙi yana da baki. Abin da ya isa kasuwa shi ne an kama ma'aji da takardar ƙarya. Ina zaune a zaure na ga wani masunci da ya fi shekara ashirin yana ajiya a wurin Baba ya shigo, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya ce wai zai yi wa ɗansa aure. Kowa ya san ba shi da ɗan da ya isa aure. Baba ya shiga ciki ya fito da ƙullinsa, ya ce ya kwance ya ƙirga. Mutumin ya ce haba, ba sai an ƙirga ba. Baba ya ce, "Ƙirga." Bayansa wasu suka biyo. Baba ya daina zama a ƙofar gida da yamma. In na gaishe shi yana amsawa, amma ya daina ce mini ɗan nan.

Rahoto ya zo ta gidan waya, da Turanci, kofe ɗaya gare mu, ɗaya ga masu kuɗin, ɗaya ga ofishin Di'o. Wanda zai karanta wa jama'a kuwa ni ne, don har lokacin ni ne magatakarda. Ba zan ɓoye ba, na zauna da takardar nan ina duba inda zan sassauta. Da na ce kuskuren rubutu ne, babu mai kama ni a zauren. Sai na tuna haka na yi tunani da farko.

Na je na roƙi akawun gidan waya ya zo taron. Na kuma aika aka gaya wa masuntan da Fulanin da suka karɓe ajiyarsu cewa akwai magana a zauren Baba bayan sallar Juma'a, ta shafe su. Zaure ya cika fiye da ranar farko. Na ba akawu kofen, na ce ya tsaya kusa da ni, duk inda na kauce ya tsayar da ni.

Na fara da tsohuwar takardar, shafi na biyu. Na ce, "Wannan ne na ce muku addu'o'i ne. Ranar ban iya karanta shi ba, na ji kunyar faɗa. Daga baya na iya, na ji kunyar gyarawa. Kuɗin nan amana ne, ba kyauta ba." Sannan na karanta rahoto. Da na zo inda aka ce magatakarda ya rubuta katako ya karanta wa ma'aji jirgi, na yi sauri zan wuce. Akawu ya ce, "Malam, maimaita nan, na baya ba su ji ba." Na maimaita da ƙarfi.

Wani ɗan kwamiti ya ce, "To yanzu sai ka rubuta musu ka ce mun yi nadamar sayen jirgi, ko sa yafe."

Na ce wannan kam ba da alƙalamina ba. Zan rubuta cewa na yi musu ƙarya a bauca, na ɓoye wa kwamiti sharuɗɗansu, ma'aji bai sani ba. Zan rubuta cewa ya kamata mu tambaye su ba mu tambaya ba. Amma ba zan rubuta muna nadamar jirgin da ya ƙetarar da mata masu naƙuda ba, don in na rubuta na sake yin wata ƙaryar ke nan. Haka na rubuta, akawu ya karanta wa jama'a da Hausa kafin a rufe ambulan. Na roƙi su amince da jirgin ko da bayan an saya ne.

Ba su amince ba. Amsarsu gajera ce, babu zagi a ciki. Sun ce ba su da ikon juya kuɗin da aka tara da sunan rijiya zuwa wani abu. Rabin kuɗi na biyu zai tsaya sai littafin gidan waya ya nuna an mayar da fam arba'in. Sun kuma ce daga yanzu mutum biyu masu karatu su duba kowace bauca, kuma kada wanda ya rubuta waccan ya ƙara riƙe littafi. Na ajiye muƙamin kafin a ce in ajiye.

Mayar da kuɗin ya ɗauke mu har tsakiyar rani. 'Yan ƙungiya suka ninka karo-karo. Ƙauyukan nan uku suka aiko da shinkafa da banda a cikin jirgin da ake rigima a kansa, aka sayar a kasuwa, aka rubuta a asusun karo-karo, daga nan aka zuba a na rijiya, kowane da rasidinsa. Ni kekena na sayar, na koma tafiya a ƙasa. Aka aika da littafin zuwa Kano, odita ya duba ya sa hannu, sauran kuɗin suka zo. Jinkirin ya ci mana rani guda. Ƙauyuka biyu sun ƙara shan ruwan kududdufi shekara ɗaya saboda ni, kuma akwai ƙafafun da suka kumbura a daminar nan waɗanda da ba su kumbura ba. Wannan ina ɗauke da shi, ba na jayayya a kansa.

Amma masu cewa da ba a sayi jirgin ba, su je su faɗa wa waɗanda aka haifa a asibiti a shekarun da ya yi yana fito. Wasunsu yanzu suna da jikoki. Har yau akwai tsofaffin da in sun gan ni a masallaci sai su ce, "Malam, yaya kyauta?" Ina amsa musu da lafiya lau, in wuce.

Masuncin nan da ya ce zai yi wa ɗansa aure ya dawo bayan taron da kwana kaɗan. Ina zaure, don ban daina zuwa gaida Baba ba ko da ba ya sakar mini fuska. Mutumin ya tsuguna ya ajiye ƙullinsa a gaban Baba, da zarensa na da.

Baba ya ce, "An fasa auren ne?"

Ya ce, "Yarinyar ce ba ta girma ba."

"Yaron fa?"

"Shi ma."

Baba ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Ya ɗauki ƙullin ya auna a tafin hannu, ya miƙe zai shiga ciki. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Ɗan nan, akwai wasiƙa daga mai sayen bandata na Kano, tana ƙarƙashin buzu. Karanta mini in na fito. Ka aika a kira akawu ma, ya zo ya tsaya kusa da kai."